Daga Kuɗin Laraba Zuwa Kuɗin Wata

Muna yara a Kano ba mu san wani abu wai shi lesin ba. Wanda ya ɗan yi nisa a boko shi ke tara ƙanne a zaure bayan Isha'i, a kunna fitilar ƙwai, ya nuna musu lissafi. Ladansa tuwo da "Allah ya yi albarka". Abin ya fara zama sana'a ne bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da azuzuwa suka cika maƙil, uba ya wayi gari ɗansa yana aji biyar bai iya haɗa baƙi ba, ga jarrabawar shiga sakandare ta ƙarato.

Da na shiga harkar, maganar kuɗi ce ta fi ba ni wuya. Mutanenmu sun saba da kuɗin Laraba na makarantar allo, inda ake ba malam abin da ya sawwaƙa. Haka suka ɗauke mu. Kunya ta hana ni yanka wa maƙwabci farashi, na ce ya ba da abin da ya samu. Wata uku ina koyar da 'ya'yansa huɗu, ranar da na yi masa tuni sai ya ce, "Haba Malam, ai 'ya'yanka ne!" Tun daga nan nake faɗar kuɗi kafin yaro ya zauna a tabarma, kuma a farkon wata nake karɓa. A yanzu yara takwas nake ɗauka, kowanne naira 5,000, na rage wa 'yan gida ɗaya. In sun wuce takwas, ba na iya duba littafin kowa cikin awa ɗaya da rabi, ka ga kenan an koma gidan jiya.

Lokaci kuwa ba namu ba ne. Safiya ta boko ce, bayan La'asar ta Islamiyya, kuma duk mai lesin da ya ja da Islamiyya shi zai sha ƙasa. Saura mana yammacin Alhamis da Juma'a, ranakun da yawancin Islamiyyu ke hutu, sai safiyar Asabar. Na gwada dare, na ga yara na gyangyaɗi a kan littafi, na bari.

Annobar korona ta 2020, da aka rufe makarantu wata da watanni, ita ta kai mu har falon mutane, aka fara ƙara mana kuɗin mota. Yanzu matasa na tallar kansu a WhatsApp. Ni dai takardar da na taɓa liƙawa a bangon masallaci ba ta kawo min ko yaro ɗaya ba. Mata ne ke kawo su. Wata yarinya da ta zo min ba ta iya rabawa ba ta zo ta uku a ajinsu, uwarta ta ba da labari a gidan suna, kafin sati ya zagayo yara biyar sun yi sallama a ƙofar zaurena.