Furofoma da Infois na Haraji: Yadda Takardu Biyu Suka Rikita Littattafanmu

Dilan Gusau da ke kawo mana kaya a Talata Mafara, Bakura da Maradun galibi littafi biyu yake ajiyewa a durowa, kuma madaba'a ɗaya ce ta buga masa su. Launinsu ɗaya, tambarin shago ɗaya, layukan adadi da farashi duk ɗaya. A saman ɗaya an rubuta PROFORMA INVOICE, a saman ɗayan kuma INVOICE kawai, ko TAX INVOICE. Idan aka yi hoton takardar a injin da tawadarsa ta yi rauni, ko allurar maƙala takardu ta hau kan wannan layin na sama, shi ke nan, sai akawun da ya san aikinsa ne zai iya rabe su. Mu da muka yi aikin lissafi a wannan yanki mun ga yadda wannan ɗan bambanci ya tashi daga abin da ba a damu da shi ba ya koma abin da odita ke fara nema.

Furofoma magana ce kafin ciniki. Dila yana cewa: idan ka saya yau, ga farashina, ga yawan da zan iya kawowa, kuma maganar tawa tana nan har kwana kaza. Duk wanda ya taɓa shiga kara ranar Talata ya san mai rago kan yanka kuɗi, a taya, ya ce albarka, kowa ya kama gabansa ba wanda ke bin wani ko kwabo. Matsayin furofoma ke nan. Infois na haraji kuwa ana rubuta shi ne bayan kaya sun fita daga hannun mai su, kuma daga ranar bashi ya hau kan mai saye.

Magabatanmu a aikin, waɗanda suka riƙe littattafai tun zamanin da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, lokacin nan duk jihar Sakkwato ce, ba su cika shan wahalar wannan ba. Lissafin gwamnati na lokacin na tsabar kuɗi ne: ba a kiran abu kashewa sai ranar da ma'aji ya biya. Tsarin kuma a jere yake. A nemi farashi, a rubuta wa ɗan kwangila LPO, watau takardar odar kaya, a rage kuɗin a littafin kasafi don kada wani ya sake cin wannan kason, ya kawo kaya, mai kula da sito ya ƙirga ya ba da takardar shigar kaya, sannan a haɗa bauca. Furofoma tana can ƙasan fayil, shaida ce kawai cewa an tambayi kasuwa. Inda take da nauyi sosai shi ne wajen masu shigo da kaya daga waje, domin banki ba ya buɗe Form M sai da ita, har gobe kuwa haka ne.

Ƙofa ɗaya ce aka bari a buɗe tun wancan lokacin, ita ce ta adibas. Jami'i ya kawo furofoma, a ba shi kuɗi ya je Gusau ko Sakkwato ya sayo, da sharaɗin zai dawo da rasit ya wanke kansa. Da yawa sai su dawo da ita furofomar da suka tafi da ita, an buga mata hatimin PAID, a karɓa a rufe fayil. Daga nan al'adar ta samo tushe, har mutane suka ɗauka duk takardar da ke da farashi da hatimi shaidar saye ce.

Harajin VAT ne ya fara ɗaga darajar infois. Dokar soja mai lamba 102 ta 1993 ce ta kawo shi, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari. Tun daga nan infois ya daina zama maganar mutum biyu, hukumar haraji ta shigo ta uku, tunda a jikinsa ake ganin abin da dila ya karɓa a madadin gwamnati. Zamfara ta zama jiha a 1996, ofisoshi suka ƙaru, 'yan kwangila suka ƙaru, sababbin akawuna suka cika teburori, da yawansu ba su zauna a ƙarƙashin tsofaffin ma'ajiyoyi ba.

Shekarar 2007 ce a ganina ta fi kowace tasiri, domin abubuwa biyu suka zo tare. Gyaran dokar VAT ya fayyace abin da infois na haraji zai ƙunsa: suna da adireshin mai sayarwa, lambarsa ta haraji, ranar da aka kawo kaya, sunan mai saye, jimillar kuɗin ciniki, da harajin da aka caza haɗe da kasonsa. Ya kuma ce a bayar da shi da zarar an kawo kaya, ko an biya ko ba a biya ba. A shekarar ce kuma dokar sayen kaya ta gwamnatin tarayya ta ce ƙananan sayayya a nemi farashi daga wurare uku aƙalla. Ayyukan da Bankin Duniya ke tallafawa, irin su Fadama da kuma TRIMING da ya zo gyaran magudanan Bakolori, su ma suna da irin wannan ƙa'ida. Sai ga sakatarorin ƙungiyoyin manoma da na masu amfani da ruwa, waɗanda a da rasit ɗaya suka sani, kowace sayayya ta tara musu furofoma uku. Takardu huɗu masu kama da juna a fayil ɗaya, ɗaya ce kaɗai ta cancanci shiga littafi.

Aka zo 2016, gwamnati ta koma lissafin IPSAS wanda ake rubuta kashewa tun ranar da bashi ya hau, ba sai an biya ba. Tsari ne mai kyau, amma ya cire katangar da ta kare magabata. A da sai kuɗi sun fita kuskure ke shiga littafi. Yanzu takarda kaɗai ta isa.

Bari in buga misali da lambobi, na ƙirƙira su ne don a ga yadda abin ke tafiya. Wata ƙungiya a Bakura tana son kujerun roba 100 na ɗakin taro. Dilan da ya fi sauƙi ya ba da furofoma a kan naira 8,000 kowace ɗaya, ya kama 800,000, ya ɗora VAT na kashi 7.5, wanda shi ne kason tun 1 ga Fabrairun 2020, watau 60,000. Jimilla 860,000. Ya nemi rabi kafin ya ɗauko, aka tura masa 430,000. Kafin shugabanni su gama sa hannu mako shida sun wuce, farashi ya motsa, aka sasanta a kan kujeru 90 a kan 8,500. Infois ɗin da ya biyo motar ya nuna 765,000, VAT 57,375, jimilla 822,375.

Akawun da ya shigar da furofoma a matsayin kashewa ya rubuta 860,000 a watan da ko kujera ɗaya ba ta iso ba. Idan infois ya zo ya sake shigarwa, littafi zai ce an kashe 1,682,375 a kan kujeru 90. Idan kuma ya lura ya ƙi shigar da na biyun, yana ganin ya tsira, to littafinsa na cewa kujeru 100, sito na cewa 90, kuma zai cika wa dila 430,000 alhali 392,375 ne ya rage. An yi asarar 37,625 ba tare da kowa ya yi niyyar sata ba. In ofishin gwamnati ne, inda ake cire VAT tun daga tushe a aika wa hukuma, 60,000 za a aika maimakon 57,375, kuma dawo da kuɗin da ya riga ya shiga asusun haraji aiki ne ja.

Yadda ya dace a yi ba shi da tsawo. Furofoma ta zauna a fayil ɗin oda. Kuɗin da aka tura, 430,000, a rubuta su a matsayin adibas da ake bin dila, domin har yanzu dukiyar ƙungiya ce a hannun wani. Ranar da kujeru suka iso aka ƙirga, a ɗora infois a kan takardar oda da ta sito, in ukun sun yi daidai a shigar da 822,375, a zare adibas, a biya cikon.

Gane furofomar da kanta ya ɓace kuwa, ba a layin VAT ake yi ba, kuma nan ne ƙananan ma'aikata suka fi tuntuɓe. Furofoma kan nuna VAT, kamar ta misalinmu. Infois na gaskiya kuma kan zo babu shi, ko don kayan ba sa cikin masu haraji, irin su takin zamani, ko don dilan ƙarami ne; dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin cazar VAT, kuma yawancin masu shagunan Maradun a nan suke. Abin da nake dubawa da farko kwanan wata ne: takardar da ta girmi LPO, ko ta girmi ranar shigar kaya sito, ba ta yiwuwa ta zama shaidar kawo kaya. Sai kalmomin ƙasan shafi. In ka ga valid for 14 days, ko an ce farashi na iya canzawa, mai takardar bai sayar ba tukuna. Na ƙarshe, in ka samu kaya iri ɗaya, adadi ɗaya, daga shaguna uku a mako ɗaya, kada ka yi tsammanin an sayi abu sau uku.

Kwamfuta ba ta kashe matsalar ba, sauri kawai ta ƙara mata. A QuickBooks, alal misali, Purchase Order ba ya taɓa littafin kashewa, amma Bill yana taɓawa nan take. Yanzu kuma da waya ake turo takardu, hoton ya zo a karkace, saman shafi a yanke, yaro ya buɗe Bill ya kwafe lambobi. Shi ya sa a duk ofishin da na riƙe, ba a buɗe Bill sai an rubuta lambar takardar sito a jikinsa.

A Agustan 2025 hukumar FIRS ta fara tsarin infois na lantarki da manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama, inda kowane infois ke samun lamba daga hukumar da alamar QR da za a iya tantancewa. Daga Janairun 2026 kuma sababbin dokokin haraji suka mai da hukumar Nigeria Revenue Service. Ranar da tsarin ya sauko kan ƙananan diloli, rabe takardun biyu zai koma aikin daƙiƙa. Kafin nan, ɗan'uwa akawu, duk takardar da aka ajiye maka a tebur, tashi ka leƙa sito ka ga kayan kafin ka ɗauki biro.