Abin da Ya Sauya a Dokar Kiwo ta Nijar Tsakanin 1993 da 2010: Nazari daga Falanko a Damargu

Tsakure

Wannan maƙala ta gwama sassan kiwo na doka mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, wadda ta shimfiɗa ginshiƙan tsarin dokokin karkara a Nijar, da doka mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 game da kiwo. An tsamo sauye-sauyen da suka taɓa haƙƙi kaɗai. Nazarin ya nuna cewa shirun sabuwar doka a kan wata magana ba ya nufin an soke ta.

Gabatarwa

A Falanko da sauran ƙasar Damargu, gonar hatsi da makiyaya a manne suke da juna, kuma garken da ke gangarowa daga arewa bayan damina ta nan yake ratsawa. Mai gari da wakilan hukumar filaye, wadda ake kira Kofo, su ake kawo wa ƙarar ɓarna da ta toshe burtali. Bukatarsu ita ce su san abin da ya sauya, tun da ba kowa ke da halin karanta dokokin biyu da Faransanci ba.

Hanyar nazari

An jera sassan ne bisa maganar da suke ɗauke da ita, domin lambobinsu ba su dace da juna ba. Kowane bambanci an auna shi da tambayoyi uku: wa ya samu haƙƙi ko ya rasa, wane aiki aka wajabta ko aka hana, kuma wane adadi ko wace hukuma ta shigo? Bambancin da bai amsa ko ɗaya ba gyaran lafazi ne, an ajiye shi gefe.

Sakamako

Yawon kiwo. Dokar 1993 ta ba makiyaya damar cin amfanin albarkatun daji ba tare da shamaki ba. Sashe na 3 na dokar 2010 ya mai da zirga-zirgar kanta haƙƙi na asali da gwamnati ta lamunce. Lafazin ya yi kama, amma sauyi ne na gaske, domin wanda ya toshe hanyar garke yanzu haƙƙi ya taka.

Mallakar makiyaya. Sashe na 5 na sabuwar doka ya hana wani ya keɓe wa kansa filin kiwon da ke cikin dukiyar al'umma, ya kuma hana ba da fili ga mai jari idan hakan zai tare hanyar dabbobi. A ganina wannan ne sauyi mafi nauyi.

Rijiyoyi. A nan adadi ya shigo: tazarar kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 tsakanin na siminti, 30 tsakanin foraji. A ɗauka wani mai dabbobi a yankin kiwo na Belbeji ya nemi izinin gina rijiyar siminti, alhali akwai irinta kilomita 12 daga wurin. Da dokar 1993 kaɗai, Kofo ba ta da lambar da za ta dogara da ita. Da ta 2010 kuwa, ya gaza ƙa'ida da kilomita 8. Dalilin tazarar ciyawa ce: rijiyoyi in suka cushe, dabbobi na cinye abin da ke tsakaninsu tun rani bai yi nisa ba.

Tattaunawa

Inda mai gwamawa ya fi yin tuntuɓe shi ne iyakar noma ta arewa. Wanda ya ci karo da ita a sashe na 7 na dokar 2010 zai iya lissafa ta cikin sababbin abubuwa. Ba sabuwa ba ce. Doka mai lamba 61-05 ta 26 ga Mayu 1961 ce ta shata ta, ta hana sabon noman damina a arewacinta, ta kuma ce ɓarnar dabbobi a irin waɗannan gonaki ba ta da diyya. Abin da aka ƙara a 2010 shi ne alƙawarin sake duba iyakar. Manomin da gonarsa ta hau arewa da layin yana nan ƙarƙashin hukuncin 1961, ko da ya gaji gonar daga mahaifinsa.

Haka abin yake ga fifikon da makiyayi ke da shi a mazauninsa na asali. Sashe na 28 na dokar 1993 ne ya kafa shi, tare da sharaɗin kada ya hana baƙo ruwa ko wucewa, kuma ya ci gaba da aiki. Dokar 2010 cika ta farko ta zo yi, ba ta kawar da ita ba. Don haka kafin a rubuta «an soke» a gaban wani sashe, sai an ga inda aka soke shi a fili, ko kuma sabon hukuncin da ya saɓa masa.

Iyakar wannan nazari ita ce ya tsaya ga rubutun dokokin biyu. Dokokin zartarwa da suka biyo bayan 2010, da yadda Kofo ke aiki da su a gundumar Tanut da ta Belbeji da aka ɓalle daga cikinta a 2011, suna bukatar bincike na daban a cikin rugage da garuruwa.