Intabiyun Ɗaukar Aiki da Kurame a Rijiyar Zaki

Rijiyar Zaki tana ƙaramar hukumar Ungogo ta jihar Kano, a kan titin Gwarzo, daura da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Yawancin gonakinta sun zama gidaje, makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci, kuma cikin masu zuwa neman aiki a wuraren nan akwai kurame.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin neman aiki daidai da kowa, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben ma'aikatun gwamnati. Sai dai haƙƙin yakan salwanta tun a ɗakin intabiyu, saboda an bar maganar tanadi sai ranar.

Lokacin tayar da maganar shi ne ranar da gayyata ta iso. Mai neman aiki ya aika saƙon tes, ya faɗi abin da yake buƙata: tafinta, ƙarin lokaci, da rubutattun tambayoyi. Tarihin larurarsa ba ya cikin abin da ake buƙatar ji.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne zaɓen tafinta, domin kuramen Kano ba yare ɗaya suke yi ba. Akwai maganar hannu ta gargajiya da ake koya a gida da kasuwa, akwai kuma ta makaranta irin ta Tudun Maliki, wadda ta samo asali daga ta Amurka. A ɗauki misalin matashiyar da ta gama Tudun Maliki, take neman aikin shigar da bayanai a kwamfuta. Idan aka kawo mata maƙwabci mai ta gargajiya kaɗai, gaisuwa za ta tafi daidai, amma da an zo tambaya kan Excel sai zance ya tsinke. Alamarsa ita ce amsa ta riƙa kauce wa tambaya, ko ta yi doguwar magana tafinta ya dunƙule ta a kalma biyu. Kwamiti ya yanke cewa ba ta iya ba, alhali saƙon ne bai isa ba. Shi ya sa ita ya kamata a tambaya wane tafinta take so, kuma ɗan'uwa bai dace ba, don yakan amsa a madadinta.

Tsarin zama ma yana da tasiri. Tafinta ya zauna kusa da mai tambaya, haske ya sauka a fuskokinsu, kada taga ta kasance a bayansu. A riƙa magana ɗaya bayan ɗaya, ana kallonta ita, kuma a ƙara lokaci, tunda kowace jimla sau biyu ake faɗinta. Idan tafinta bai samu ba, a ɗage ranar, ko a zaunar da ita gaban kwamfuta ta yi aikin a gani. Karanta leɓe ba ya maye gurbin tafinta, musamman ga wadda aka haifa da kurumta.