Ƙofar Na'isa da Sabuwar Ƙofa: hanyoyi biyu na shigo da mota cikin birnin Kano

Jama'a, duk lokacin da aka fara wani babban aikin titi ko gadar sama a bakin ganuwar Kano, kamar wanda aka tayar a Ɗan Agundi, sai gardama ta ɓarke a nan dandalin. Wasu su ce tarihi ake binnewa, wasu su ce tarihi ba zai kai mai naƙuda asibiti ba in ta maƙale a cunkoso. Ni dai ina ganin duka ɓangarorin suna da gaskiyarsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Kano ta taɓa fuskantar wannan matsalar tun zamanin kakanninmu, ta kuma warware ta ba tare da ta rushe tsohuwar ƙofa ba.

Bari mu fara da ita kanta ganuwar. Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ma ya ƙara a farkon ƙarni na 17. Ke nan ko a da can ba a bar ganuwa yadda aka same ta ba, in gari ya ƙaru sai a ƙara mata zagaye. Da Turawa suka zo a 1903, Lugga ya rubuta cewa kewayenta ya kai mil 11, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma kamar ƙafa 40, ga rami mai zurfi a bayanta, ga ƙofofi 13.

To, me ya sa ƙofofin suka kasance matsattsu? Dalili biyu ne. Na farko yaƙi. Ba don a saukaka shiga aka gina ƙofa ba, an gina ta ne don a tace mai shiga. Doguwar rariya ce mai duhu a cikin kaurin ganuwa, da ƙyaure mai nauyi, da Sarkin Ƙofa da ke rufewa in dare ya yi. Wasu ma an dasa su ne a lungu, ganuwar ta lanƙwaso ciki, yadda duk wanda ya tunkaro sai ya bi ta tsakanin bango biyu, maharba na samansa dama da hagu. Wannan dabarar ta yi aiki har a kan igwa. A ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, dakarun Kanar Morland sun fara gwada wata ƙofar suka kasa samun inda za su saita igwarsu, sai da suka gangara Ƙofar Kabuga sannan suka fasa suka shiga. Wanda ya miƙar da irin wannan lanƙwasar don titi ya tafi sambal, ya share hujjar wannan labarin daga doron ƙasa, ko da ya gina sabuwar ƙofa mai ƙawa a gurbin.

Dalili na biyu kayan gini ne. Da azara ake rufin ƙofa, ita kuwa azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a tazarar da ta wuce kamar mita biyu sai an yi mata dabarar tokari. Saboda haka faɗin ƙofa bai wuce na raƙumi da kayansa ko mahaya biyu ba. Yanzu ku kwatanta da titin zamani. Layin mota ɗaya kusan mita uku da rabi ne. Tagwayen hanya mai layi biyu kowane hannu ta cinye mita 14 ke nan, kafin a sa tsibirin tsakiya, da magudanar ruwa, da wurin masu tafiya a ƙafa. Ka tashi da sama da mita 20. Babu wata hikimar injiniya da za ta cusa mita 20 cikin ƙofar mita uku. Don haka duk sanda kuka ji an ce za a "faɗaɗa ƙofa", ku sani rushe ta za a yi, a gina wata da siminti a sa mata tsohon sunan.

Abin da ya faru da Ƙofar Na'isa ke nan a 2010. Ƙofa ce da ake danganta ta da zamanin Rumfa, wato ta haura shekara 500, kuma tana cikin kayan tarihin da dokar tarayya ta ba kariya. Shekara uku kacal kafin nan, a 2007, Najeriya ta shigar da ganuwar Kano da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Duk da haka, da aikin faɗaɗa titin ya iso bakin ƙofar, katafila aka sa. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta yi ƙorafi, jaridu suka yi rubutu, amma ƙasa ta riga ta zube. An gina wata mai faɗi, motoci na wucewa, kuma in ka tambayi yaro ɗan shekara goma sha biyar zai nuna maka ita ya ce ga Ƙofar Na'isa nan.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati, ba na ganin mugunta ce ta jawo wannan. Yadda fayil ke tafiya ne. Ganuwa abin tarihi ce ta tarayya, hukumar da dokar 1979 ta kafa ce ke kula da ita, kuma sai da izininta ake taɓa ta. Amma ƙasar da ganuwar ke kai tana hannun gwamna bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, titin kuma na ma'aikatar ayyuka ta jiha ne. Mai zane ya ja layinsa a kan taswira, mai ƙididdiga ya lissafa kuɗin share hanya, a ba da kwangila, a biya kason farko. Ɗan kwangila yana da wa'adi, kuma a takardarsa ƙofar nan ba ta da wani suna sai "abin da ya tare hanya". Kafin mai kula da kayan tarihi ya ji labari, gyara zanen ya zama ƙarin kuɗi da ƙarin watanni, ba kuma wanda ke son sa hannu a wannan. Ranar da aka amince da zanen aka yanke wa ƙofar hukunci, ranar katafila zartarwa ce kawai.

Yanzu mu koma zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A lokacin ne mota ta fara yawa, aka kuma jawo ruwan famfo cikin birni. Su ma sun buƙaci hanya. Sai suka zaɓi wuri a jikin ganuwar suka huda sabuwar mashiga. Haka aka samu Ƙofar Famfo, sunanta ma ya faɗi dalilinta, haka aka samu Sabuwar Ƙofa a 1937, ƙofofi suka tashi daga 13 zuwa 15. Tabbas an yi asarar wani yanki na bango. Amma bangon da ya kai mil 11, in ka cire masa 'yan mitoci, sauran yana nan yana ba da labari iri ɗaya. Ƙofa kuwa kowace da siffarta da tarihinta, babu ta biyunta. Da an bi wannan tunanin a Na'isa, sai a karkatar da titin ya ratsa ta gefe, a bar tsohuwar ƙofar wa masu ƙafa da keke. Zai ci ƙarin diyyar gidaje, ba na musu, kuma wannan ne ainihin abin da ake gudu.

Sai dai fa barin ƙofa a tsaye ba shi ne an tsira da ita ba, kuma nan ne nake son mu daɗe kaɗan, domin abin da ya fi cin ganuwa ba katafila ba ce, ruwa ne. Ginin ƙasa sama da ƙasa yake mutuwa: ko ruwan sama ya zaizaye kansa, ko danshi ya ci gindinsa. Magabata sun san wannan. Ramin da ke bayan ganuwa, ban da tare abokan gaba, shi ke janye ruwa daga gindinta, daga nan kuma ake ɗibar ƙasar gyara. Bayan damina a yi gayya, magina su bi inda ya tsage su cike, a sake yaɓe. Da wannan gayyar ta mutu bayan zuwan Turawa, ganuwar ta fara narkewa a hankali tun kafin manyan tituna.

Titi kuma sai ya ƙara wa abin gudu. Kowane sabon aiki ana zuba marmara a ɗaga hanya, sai ta fi gindin bango tudu. An cike ramin da kududdufai an yi filaye. Ruwan kwalta ba ya nutsewa, gangarawa yake, kuma in ba a tsara magudana da kyau ba, gindin ganuwa ya fi kowane wuri kwari. Duk mai wucewa zai iya gane alamun da idonsa. Za ka ga ƙasan bangon ya yi duhu ko da rana ta buɗe, sai wani farin gishiri-gishiri ya fito, sai wurin ya fara rarakewa kamar an ƙwaƙule shi da cokali. Bayan nan tsaga ta miƙe daga sama zuwa ƙasa, a cikin ruwan Agusta ɓangare guda ya zame. Jijjigar tirela da ta injin daddale hanya ba ita ke fara ɓarnar ba, amma ita ke ƙarasa bangon da ya riga ya rarake. Inda aka yanka ganuwa don titi ya wuce kuma, in aka bar bakin yankan a buɗe ba yaɓe, daga nan take warwarewa, damina bayan damina, har masu neman ƙasar gini da masu kafa shago su ƙarasa.

Wani kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya shi ne shafe ginin ƙasa da siminti. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa yana kulle shi a ciki. Daga waje sai ka ga bango sumul, ciki kuwa ya zama taɓo, wata rana ɓawon simintin ya ɓantare da naman bangon gaba ɗaya. Yaɓen gargajiya da makuba ya fi dacewa da shi, amma yana son a riƙa sabuntawa. Mu kuwa kasafinmu ya fi saurin sakin kuɗin sabon gini a kan kuɗin kula na shekara-shekara, kowa a ofis ya san haka.

Saboda haka in za a yi gardama a kan wani sabon aiki a bakin ganuwa, ni ba hoton yadda gadar za ta kasance nake son gani ba. Ina son in ga zanen magudanar ruwa, in san ina ruwan zai bi. Ina son in san mita nawa aka bari tsakanin bakin kwalta da gindin bango, da ko hukumar kayan tarihi ta ga zanen tun kafin a ba da kwangila, da ko an sa kuɗin rufe bakin yanka da hannun magina a cikin ƙididdiga. Waɗannan duk a takarda suke, kuma ɗan majalisar da ke wakiltar unguwar yana da ikon neman a nuna masa.

Wanda ke son ganin yadda tsofaffin ƙyamaren suke, ya leƙa Gidan Makama, akwai waɗanda aka adana. Wanda kuma ke son ya ga ganuwar Kano a tsaye da kanta da matakalarta, akwai kwaikwayonta da aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.