Dogon da Bai Bi ta 'Yargoje ba: Tururi, Auduga da Agogo a Kudancin Katsina

Jirgin ƙasa bai taɓa tsayawa a 'Yargoje ba, haka ma Ƙanƙara da Sabuwa. Layin da ya fi kusa da su shi ne wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya ƙare a Ƙaura Namoda a 1929. Saboda haka wanda ke karanta tarihin reluwe daga taswira zai ɗauka wannan yanki ba shi a cikin labarin. Ni ina ganin a irin waɗannan garuruwa ne aka fi gane abin da jirgin ya yi, domin bai kawo musu tasha ba, amma ya sauya alƙiblar kayansu, ya kuma shigo musu da wani lokaci na biyu wanda bai kori na farko ba.

Sai mu fara da injin kansa, domin halinsa ne ya tsara sauran al'amura. Kan jirgin tururi tukunya ce a kan ƙafafun ƙarfe. Ana hura wutar kwal a bayanta, zafin ya bi ta cikin bututai da ke nutse a ruwa, ruwan ya tafasa, tururin da aka matse ya tura fistan gaba da baya, sandar da ke haɗe da fistan ta juya ƙafa. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne injin ya fi shan ruwa a kan cin wuta: kowane kilo na kwal yana tafasa ruwa wajen kilo shida zuwa takwas, kuma tururin ficewa yake yi ta hanci, ba ya dawowa. Idan ruwa ya yi ƙasa har ya bar rufin murhu a tsirara, ƙarfen sai ya yi laushi, tukunya ta iya fashewa. Shi ya sa idon mai wuta ba ya barin gilashin da ke nuna tsayin ruwa. A ƙasar da rafuka ke ƙafewa rabin shekara, wannan na nufin dole a tanadi rijiya ko madatsa da tanki a tsakanin 'yan zanguna. Kwal kuwa daga Biritaniya ake kawo shi da fari, kafin a gano na Udi a 1909 a soma haƙarsa a Inugu wajen 1915. Ga kuma hawa: ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe santsi gare ta, don haka masu awon hanya suna gudun tudu da duwatsu. Jirgi bai bi manyan garuruwan da ba don girmansu. Ya bi inda ƙasa ta kwanta, inda ruwa yake, inda kuma Turawa suka hango kaya.

Kayan da suka hango auduga ce. Layin Baro zuwa Kano, mai tsawon mil 356 da faɗin ƙafa uku da inci shida, an fara shi a 1907 zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, kuma dogo ya isa Kano a 1911. Masu masaƙun Lankasha ne suka fi matsa wa gwamnatinsu a gina shi, ta bakin ƙungiyarsu ta noman auduga da mutanenmu suka sani da Bisije. Ginin bai zo da sauƙi ba: masanin tarihi Michael Mason ya nuna yadda aka riƙa ɗebo 'yan aikin diga ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba, ana biyansu da tsabar kuɗin Bature, kuɗin da daga baya aka ce da su za a biya haraji maimakon wuri. To, da jirgi ya isa Kano sai lissafin ya ƙi ci. Masaƙa da marina na gida sun fi Bisije biyan kuɗi a kan auduga, manomi kuwa ba ya sayarwa inda ya fi araha. Abin da ya cika taragu gyaɗa ce. Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn ya bi diddigin yadda fatake masu jarin goro suka ba manoma bashi suka ƙarfafa su, har gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga ƙasa da tan dubu biyu kafin zuwan jirgi ta kai wajen tan dubu 19 a 1913.

A kudancin Katsina da arewacin Zazzau ne burin auduga ya sami ƙasar da ta karɓe shi, domin laka ce mai riƙe ruwa kuma damina ta fi ta Kano tsawo. An shigo da irin Allen mai dogon zare, aka kafa gonar yaɗa iri a Daudawa da ke ƙasar Faskari, aka kafa gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi da Gusau, aka kuma keɓe kasuwannin auduga inda ake dubawa a ɗora a sikeli. Reshen Zariya zuwa Ƙaura Namoda don wannan kaya da gyaɗar ƙasar Zamfara aka shimfiɗa shi.

Domin a ga abin da ya canja wa manomin 'Yargoje, a yi lissafi da jaki. Jaki yana ɗaukar wajen kilo 50, yana cin kamar kilomita 25 a yini. Tan ɗaya ke nan jakai 20, tarago guda mai ɗaukar tan 20 kuwa ya haɗiye kayan jakai 400, ban da masu kora da abincinsu da kuɗin fito da na zango. A kan doguwar tafiya, kaya mai daraja da rashin nauyi ne kawai ke biyan wannan wahala: goro, kanwa, turkuɗi, jan fata. Ɗanyar auduga mai cika ido ba nauyi ba za ta taɓa biyan tafiyar wata biyu zuwa bakin teku ba, balle kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta angurya ce. Amma da tasha ta zo Funtuwa, abin da ya rage wa jaki tafiyar kwana biyu ce ko kusa da haka. A gurje, a matse ta dila-dila, jirgi ya yi sauran ɗaruruwan mil zuwa Ikko. Jirgi bai kashe jaki ba, sai ma ya ƙara masa aiki; abin da ya kashe shi ne dogon ayari. Madugun da kan kwashe watanni zuwa Gwanja ya ga goro yana zuwa ta teku zuwa Ikko sannan ta dogo zuwa Kano cikin kwanaki, kuma Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya. Garuruwan zango suka yi sanyi, garuruwan tasha suka cika. Ba banza ba ne a yau Sarkin Maska yake zaune a Funtuwa, ba a tsohon garin da sarautar ta ɗauko sunansa ba.

A nan ne maganar lokaci ta shigo, kuma nan ne na fi son a tsaya. Ayari ba ya buƙatar agogo. Ana ɗaura kaya da asuba, a yi tafiya har rana ta take, a sauka. Bahaushe yana da sunayen sassan yini masu yawa: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha, kuma malamai suna gane zawali da tsawon inuwa, ana aunawa da ƙafa. Duk wannan lokacin wuri ne, ranar garinka ce ke yanke shi. Duniya tana juya digiri 15 a sa'a guda, wato kowane digiri minti huɗu. Ikko tana wajen digiri uku da rabi gabas da Girinwic, Kano tana takwas da rabi, saboda haka rana tana tsayawa a tsakar Kano minti 20 kafin ta tsaya a tsakar Ikko. Mai jaki ba zai taɓa jin wannan bambanci ba. Jirgi kuwa a kan layi ɗaya tal yake tafiya, mai hawa da mai gangara ba sa wuce juna sai a tashar da aka yi wa dogo biyu. Jirgin da ke gudun kilomita 30 a sa'a yana cin kilomita 10 cikin minti 20. Idan kowace tasha za ta bi ranarta, jadawalin haɗuwa ya zama tarko. Shi ya sa wayar tangarahu ta bi gefen dogo, ana daidaita agogon tashoshi da ita, kuma direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an damƙa masa shaidar izini ta wannan yanki.

Ingila ta riga ta sha wannan matsala. Kamfanin Great Western ya ɗora tashoshinsa a kan lokacin Landan a 1840, alhali ranar Biristol tana baya da minti goma, kuma doka ba ta tabbatar da lokaci ɗaya ga ƙasar ba sai 1880. Kamfanonin jirgin Amurka sun raba ƙasarsu shiyya-shiyya ranar 18 ga Nuwamba 1883, shekara guda kafin taron Washinton ya zaɓi Girinwic a matsayin mafarin awo. A Nijeriya, da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 an sa lokacin ƙasa ya zama rabin sa'a gaba da Girinwic, sannan a 1919 aka mai da shi sa'a guda cif, wanda muke kai har yau.

Wannan rabin sa'a ya cancanci a dube shi da kyau. Minti 30 daidai yake da digiri bakwai da rabi, layin nan kuwa yana ratsa ƙasar Ƙanƙara da Funtuwa, da ɗan bambancin da bai kai minti ɗaya ba. Wato tsakanin 1914 da 1919, agogon Nijeriya baki ɗaya a kan ranar 'Yargoje yake tafiya. Tun da aka koma sa'a guda, agogo ya riga ranar yankin da kusan rabin sa'a. Kowa na iya gwadawa: a kafa sanda a tsaye a fili, a lura da sa'ar da inuwarta ta fi gajarta. Ba ƙarfe goma sha biyu ba ce. A farkon Nuwamba za ta faɗo wajen 12:15, a tsakiyar Fabrairu wajen 12:45, domin ita ma rana tana gaba tana baya a cikin shekara. Ladanin da ya jira zawali bai makara ba; agogon ne aka saita da layin digiri 15, wanda yake can gabas da Maiduguri.

Akwai masu cewa reluwe ya maye gurbin lokacin rana da na agogo, kamar yadda ake faɗa game da Turai. A nan hujja ba ta kai haka ba. Harshe ya nuna cewa sabon lokacin ta kunne ya shigo, daga waje: agogo kalmar Yarabanci ce mai nufin ƙararrawa, kuma muna cewa ƙarfe biyu, ƙarfe uku, saboda guntun ƙarfen da ake bugawa a bariki da wurin aiki don a sanar da sa'a. Ya kama ma'aikacin tasha, da akawun sikeli, da ɗan makaranta, da fasinjan da ya koyi cewa jirgi ba ya jiran a gama sallama. Amma manomin da ke nesa da dogo ta kalanda abin ya fi taɓa shi: ranar raba angurya, ranar buɗe kasuwar auduga, lokacin haraji da ke biyo bayan kaka. Ɗaurin aure da jana'iza da taron gari suka ci gaba da zama bayan azahar ko bayan la'asar, kasuwa tana ci a ranarta ta mako. Injinan dizal sun fara karɓar aikin tururi daga tsakiyar shekarun 1950, manyan motoci suka janye audugar zuwa kwalta, tashar Funtuwa ta yi shiru. Jadawalin sallah da ake mannawa a bangon masallatan Ƙanƙara da Faskari yana ɗauke da lokutan biyu a takarda guda: rana ce ke yanke zawali da faɗuwa, amma da lambobin agogon 1919 ake rubuta su.