Haƙƙin Ɗan Haya Kan Gyaran Gida a Ƙasar Gumel

Haƙƙin ɗan haya kan gyara shi ne abin da shari'a ta ba wanda ya biya kuɗin haya idan gidan ya lalace har zama ya gagara ko ya yi wuya, mai gida kuma ya yi kunnen uwar shegu da maganar. A masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, batun ya fi tasowa a garuruwa biyu. Gumel tana da ma'aikata da malamai da ɗaliban Kwalejin Ilimi masu kama ɗakuna. Maigatari kuwa, saboda kasuwar Alhamis ta bakin iyakar Nijar, tana da fatake da dillalai masu hayar shago da sito. A ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar mafi yawan mutane a gidajen gado suke zaune, haya sai malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aka turo daga wani gari.

Rigimar tana da lokacinta. Da rani ba a cika jin ta ba. Sai ruwan Agusta ya zauna, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta fara lanƙwasa, ko iska ta yaye kwano, ko bakin salga ya zaftare saboda ƙasar yankin mai rairayi ce, sannan ɗan haya ya tuna cewa ranar da ya biya kuɗi bai tambayi wanda zai yi gyara ba.

Dokoki biyu ne ke aiki

Wanda ya kai ƙara kotun shari'ar Musulunci, da fiƙihun Malikiyya za a yi masa hukunci, musamman abin da ke cikin Mukhtasar na Shehu Khalil da sharhohinsa. Wanda ya je kotun majistare ko babbar kotu kuwa, da yarjejeniyarsa da dokokin jiha da ƙa'idojin da Najeriya ta gada daga Ingila za a auna shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a kan tushen maganar hanyoyin biyu sun kusa haɗuwa: babu wadda ta ɗora wa mai gida gyara kai tsaye don kawai ya karɓi kuɗin haya.

A tsarin Ingila, tun shari'ar Hart da Windsor ta 1843 aka tsayar cewa wanda ya ba da hayar gida fanko bai ɗauki alkawarin gidan zai zaunu ba, sai in an rubuta. A shekarar ne kuma shari'ar Smith da Marrable ta keɓe gidan da aka bayar da kayan ɗaki a ciki: kuɗin-cizo ya hana 'yan hayar sakat, suka fita, kotu ta ce suna da gaskiya. Amma gidan haya da gado da kujeru ba abin da aka saba ba ne a Gumel, don haka keɓewar ba ta amfanar kowa sosai a nan. Jihar Legas ta rubuta a dokar hayarta ta 2011 cewa gyaran wajen gini da wuraren da 'yan haya ke tarayya a kansu yana wuyan mai gida, sai dai wannan doka iyakarta Legas.

Matakai uku na Malikiyya

Fiƙihu ya fi zurfafawa, kuma shi ne mafi yawan mutanen yankin za su tarar a gaban alƙali. Mashhurin mazhaba, wanda ake dangantawa da Ibnul Ƙasim, shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara, ɓarnar ƙarama ce ko babba. Wasu malaman mazhabar sun ga a tilasta masa, amma abin da Khalil ya tafi a kai shi ne na farkon. Hikimar ita ce gida dukiyar mai shi ne, abin da ɗan haya ya saya amfanin zama ne kawai. Saboda haka idan amfanin ya ragu, kuɗi ake taɓawa ko a warware cinikin. Ɓarna kuwa mataki uku ce.

Akwai wadda ba ta rage komai daga amfanin gida ba, kamar zanko ya karye ko adon bango ya zube. Nan ɗan haya zai biya kuɗinsa cif.

Akwai wadda ta rage amfani amma sauran gidan yana zaunuwa ba tare da cutuwa ba, kamar ɗaki ɗaya ya rushe cikin ɗakuna da dama. Nan sai a rage kuɗin haya gwargwadon abin da aka rasa.

Ta uku ita ce mai cutarwa, kuma misalin da malaman suka bayar shi ne wanda kowa ya sani a damina: yoyo mai ɗorewa daga rufi. Nan ɗan haya yana da zaɓi, ko ya warware haya ya fita, ko ya zauna. Idan ya zaɓi zama, cikakken kuɗin yana kansa, domin zamansa yarda ce da aibin. Wannan gaɓa tana da tsauri ga mai iyali da ba shi da wurin komawa a tsakiyar damina, kuma a nan 'yan haya suka fi yin asara: mutum ya yi wata uku yana tare ruwa da bokiti, ya zo ƙarshen shekara yana neman ragi, a ce masa ai zama ya yi. Haka kuma idan mai gida ya yi gyara kafin ɗan haya ya kwashe kayansa, zaɓin fita ya faɗi, dole ya ƙarasa wa'adinsa.

Misali da lissafi

A ɗauka wani malamin makaranta ya kama gida mai ɗaki uku a Gumel kan naira 180,000 a shekara, daga farkon Janairu, ya biya duka a gaban dillali. Kowane wata ya kama 15,000. A farkon Agusta azarar ɗaki ɗaya ta karye, rufin ya faɗo. Saura wata biyar, kuɗinsu 75,000. Idan masana suka ƙiyasta cewa ɗakin sulusin amfanin gidan ne, mai gida zai mayar da 25,000. Ba a ƙirga ɗakuna kawai a raba, domin turaka mai banɗaki ba ɗaya take da ɗan ɗakin ajiya ba. Ƙima ake bi.

In kuwa rufin gaba ɗaya ne ke zuba, ruwa na sauka a kan katifa a kowane ɗaki, malamin yana iya fita ya nemi 75,000 ɗinsa. In ya zauna har Disamba, babu ragi sai abin da mai gida ya yafe.

Hanya ta uku ita ce wadda zuciya ta fi raya wa mutum. Malamin ya gaji da aike, ya kira kafinta, ya sayi bandir ɗin kwano da katako da ƙusa, ya kashe 60,000, da niyyar cirewa daga kuɗin baɗi. Idan bai nemi izinin mai gida ba, Malikiyya na ɗaukarsa mai aikin sa-kai. Ranar fita, mai gida yana da zaɓi: ya ce masa ya ɓalle kayansa ya tafi da su, ko ya biya shi ƙimarsu a matsayin ɓallallun kaya. Tsohon kwano mai hujin ƙusa ba ya kai rabin kuɗin sabo, ladan kafinta kuwa ya tafi, haka yaɓe da fenti, tunda ba a kankare su a sayar. Da malamin ya samu mai gida ya ce masa, a gaban shaidu biyu, “Malam, gyara ka cire a kuɗin haya,” da duk 60,000 ɗin bashi ne a kan mai gida. A tsarin Ingila ma, damar yin gyara a cire daga haya, wadda shari'ar Lee-Parker da Izzet ta 1971 ta tabbatar, tana aiki ne idan gyaran dama yana wuyan mai gida a yarjejeniya, kuma an sanar da shi ya ƙi.

Sharaɗi tun ranar ciniki

Maganin duk wannan yana ranar biyan kuɗi. Khalil ya halatta a shardanta cewa ɗan haya zai yi gyara ko yaɓe, amma daga cikin kuɗin hayar da ya riga ya wajaba a kansa. Abin da ba ya halatta shi ne a ce duk gyaran da ya taso ɗan haya zai yi daga aljihunsa ban da kuɗin haya, domin babu wanda ya san yawansa, kuɗin hayar ya zama abin da ba a sani ba ke nan. Masu gidajen da ke cewa “komai ya lalace kai za ka gyara” suna gina ciniki a kan garari. Layi biyu a bayan rasit sun wadatar: rufi da katanga da salga na mai gida ne, idan aka sanar da shi ya wuce kwana kaza ɗan haya zai gyara ya cire. Ga mai hayar sito a Maigatari wannan ya fi zama dole, domin idan ruwa ya jiƙa buhunan riɗi, neman diyya a kotun majistare yana tsayawa ne a kan abu biyu: alkawarin gyara, da shaidar an sanar da mai sito kafin ɓarnar.

Idan mai gida ya yi biris

Mataki na farko sanarwa ce mai shaida. Takarda mai kwanan wata ko saƙon waya ya fi aike ta bakin dillali, wanda sau da yawa ladansa kawai ya sani. A ɗauki hoton tsagewar bango ko rufin, a kira magini ya faɗi kuɗin aikin. Tsagar da ke ƙara buɗewa kullum, ƙofar da ta fara cijewa, ƙasa mai zubowa daga tsakanin azara, duk alamu ne cewa a kwashe yara daga ɗakin kafin a ci gaba da magana. Daga nan sai mai unguwa, in ta gagara dagaci ko hakimi, kuma yawancin irin wannan rigima a zaure take mutuwa da sulhu. Idan salga ce ta rufta ko ƙazanta ke kwarara, duba-garin ƙaramar hukuma yana da ikon ba mai gida takardar gargaɗi da wa'adi, ya kai shi kotu in ya ƙi. Wannan ita ce ƙofa ɗaya da ake tilasta gyara ko babu yarjejeniya, domin magana ta koma ta lafiyar jama'a.

Riƙe kuɗin haya ba tare da izini ko hukunci ba kuskure ne, yana mayar da mai gaskiya mai bashi, ya ba mai gida hujjar neman a tashe shi. Shi ma mai gidan ba shi da ikon yaye kwano ko cire ƙofa ko watsa kaya waje don ɗan haya ya dame shi da ƙorafi. Kotun Ƙoli ta Najeriya, a shari'ar Eliochin da Mbadiwe ta 1986, ta tabbatar cewa mai gidan da ya karɓe gidansa da ƙarfi ba ta hanyar kotu ba ya yi kutse, kuma ana iya cin sa diyya.