Ƙara wa Gashi Tsawo a Hoto: Nazari kan Sili, Mahaɗi da Mazaunin Kyamara

Cikin ayyukan da ake kawo wa masu gyaran hoto a kwamfuta, kaɗan ne ke tona asirin mai aiki kamar ƙara wa gajeren gashi tsawo. Share ƙurji ko sauya launin riga yakan wuce ba wanda ya lura, amma gashin da aka ƙara ba daidai ba, ko yaro ya kalla zai ce an yi wa hoton wani abu, ko da ya kasa faɗin mene ne. A ganina yawancin kuskuren daga wuri ɗaya yake tasowa: mai gyara yana ɗaukar gashi a matsayin tarin layuka sirara, sai ya duƙufa zana sili ɗaya bayan ɗaya, alhali abin da ido ke fara dubawa shi ne nauyin gashin, da inda ya kwanta a jiki, da yadda haske ya faɗa masa.

Lissafi kaɗan zai nuna dalili. A ɗauki hoton mace da za a sa a bangon littafi, mai faɗin fiksil 4000 da tsawon 6000, an ɗauke ta daga ƙugu zuwa sama, ta ɗan karkata zuwa hagunta, gashinta miƙaƙƙe ya tsaya daidai haɓa, ana so ya sauko kan ƙirji. Daga tsakar kai zuwa haɓar babban mutum kusan santimita 22 ne. Idan kan ya ci fiksil 1500 a hoton, kowace santimita ta kama fiksil 68 ke nan. Kaurin silin gashi kuwa yakan kasance wajen milimita 0.07, wanda a wannan ma'auni bai wuce rabin fiksil ba. Ashe kyamarar ma ba ta ga silin a matsayinsa na sili ba. Abin da muke gani a hoton kamar zare ɗaya, tarin silla ne da suka manne da juna suka kama haske tare. Kan mutum yana ɗauke da gashi wajen 100,000, don haka wanda ya ce zai ƙara santimita 25, wato fiksil 1700, da burushi mai kaurin fiksil ɗaya, zai ƙare da wani abu mai kama da tsintsiya, domin layukansa duk kaurinsu ɗaya, kuma babu duhu a tsakaninsu.

Shi ya sa ake fara gini daga dunƙulen gashin. A Photoshop, wanda ya samu tsarin shimfiɗa aiki hawa-hawa tun fitowarsa ta uku a 1994, ko a GIMP da ake samu kyauta, mai gyara zai buɗe sabon `Layer`, ya ɗebo launi mafi duhu daga gashin asali, yawanci daga ƙarƙashin kunne, ya shata siffar gashin da yake so baki ɗaya, ba tare da ko sili guda ba. A nan ake yanke hukuncin da ya fi kowanne nauyi, wato ina gashin zai bi. Gashi mai tsawo yana sauka ne daga kai har ya ci karo da kafaɗa, a nan ya rabu, wani ya zubo gaba, wani ya faɗa baya. A hotonmu, tun da matar ta karkata zuwa hagunta, kafaɗar dama ce ta fi kusa da kyamara. Gashin wannan ɓangaren zai hau kafaɗa ya lanƙwasa ya kwanta kan riga, na ɗaya ɓangaren kuma yawancinsa zai ɓuya bayan wuya, sai ɗan abin da zai leƙo tsakanin muƙamuƙi da kafaɗa. Wannan ɗan gibin da ke gefen wuya shi ne wurin da aka fi mantawa. Mai gajeren gashi ana hango bango ta nan, mai dogon gashi kuwa wurin a cike yake da duhu. Idan aka bar shi fayau, gashin zai zama kamar igiyoyi biyu da aka rataya a kunnuwa.

Bayan an samu siffar sai a zuba mata jiki, kuma hanya biyu ce. Ko dai a kwafi wani yanki na gashin matar a ja shi da `Warp`, ko a aro gashi daga wani hoto. Ta farko tana da amfanin launi da haske iri ɗaya, amma tana da iyaka: idan aka ja yanki ya ninka tsawonsa, ƙwayar hoton ma tana miƙewa, wurin ya yi laushi ya rasa kaifi. Maimaita yanki ɗaya sau uku ko huɗu kuma yana haifar da zane mai komowa, wanda ido ke cafkewa nan take. Aron gashi ya fi ba da sakamako mai kyau, da sharaɗin cewa hoton da aka aro daga gare shi an ɗauke shi daga kusurwa makusanciya, haskensa kuma ya zo daga gefe guda da na asali. Akwai tarko a nan. Mutum yakan juya gashin aro daga hagu zuwa dama don ya dace da siffar, ya manta cewa ya juya hasken tare da shi.

Batun haske ya cancanci a tsaya a kansa. Sheƙin gashi ba ya bin tsawon sili, gitta shi yake yi, ya zama ɗamara mai kewaya dunƙulen a daidai inda ya lanƙwasa ya fuskanci fitila. Binciken da Stephen Marschner da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 kan yadda haske ke watsuwa daga silin gashin ɗan'adam ya bayyana cewa sheƙin iri biyu ne. Na farko hasken da ya daki bayan silin ne ya dawo, shi ya sa yake ɗauke da launin fitilar. Na biyu ya shiga cikin silin ya fito, don haka ya ɗauko launin gashin, kuma yana ɗan gocewa daga na farko saboda ɓawon sili jere yake a karkace. A baƙin gashi na biyun yana da rauni ƙwarai, domin launin da ke cikin silin yana shanye hasken. Ga mai gyara, ma'anar wannan ita ce sabon gashin da ya hau kafaɗa ya lanƙwasa dole ya samu ɗamarar sheƙi a kan lanƙwasar, launinta kuma a ɗebo shi daga sheƙin da ke tsakar kan matar. Idan ya zuba sheƙi mai ruwan zuma a baƙin gashi don ya yi kyau, ya sa abin da fitilar ɗakin ba za ta iya bayarwa ba.

Mahaɗin tsoho da sabo shi ne inda aikin ke tsayawa ko ya rushe. Ƙarshen gajeren gashi yana da alamominsa: bakin aski, ɗan lanƙwasawa zuwa ciki, da haske a tsini. Duk sai sun ɓace. Kuskuren da aka saba shi ne a jona sabon gashi daidai kan bakin tsohon, a shafe mahaɗin da burushi mai laushi, abin da ke barin wani gajimare a gicciye. Abin da ya fi shi ne a fara sabon gashin daga sama, kamar santimita 5 zuwa 8 kafin ƙarshen tsohon, a wurin da silla ke tafiya a miƙe, sannan a yi amfani da `Layer Mask` a ɓoye bakinsa da ja mai bin tsawon gashi, wani ja dogo wani gajere, yadda rassan biyu za su shiga juna babu layi guda da za a nuna a ce nan ne. Gefen waje kuma, inda gashi ya haɗu da bango, matsalarsa launin tsohon bango ne da ke maƙale a bakin gashin aro. Gashin da aka yanko daga farin bango yakan zo da farin zobe. Idan sabon bangon mai haske ne kuma gashin baƙi, sa gefen a kan `Multiply` yana kawar da zoben. Idan bangon duhu ne wannan dabara ba ta aiki, sai an shafa launin gashin a kan zoben da hannu.

Sai a wannan mataki ake zana silla, kuma kaɗan ake bukata. Burushi mai fiksil biyu zuwa uku, `Flow` ƙasa-ƙasa, da alƙalami mai jin dannawar hannu idan akwai, domin layin ya sirance a ƙarshe. Ana sa su a kan mahaɗi, da bakin gashi inda 'yan tsiraru ke bauɗewa, da tsini. Kada a manta inuwar da gashin zai jefa kan wuya da riga, mai duhu a inda ya taɓa jiki, mai laushi a inda ya ɗaga. In babu ita gashin shawagi zai yi a gaban hoton.

Mazaunin kyamara yana shafar abu biyu, girma da kaifi. Girman abu a hoto yana raguwa gwargwadon nisansa. Idan kyamara tana nesa da fuska da santimita 150, gashin da ya faɗa baya da santimita 15 zai ragu da kusan kashi 9 cikin ɗari kawai, wanda kusan ba a lura. Amma a hoton da mutum ya ɗauki kansa da waya daga santimita 40, abin da ya matso gaba da santimita 15 zai ƙaru da kashi 60 cikin ɗari. Gashin da aka aro daga hoton situdiyo ba zai zauna a irin wannan hoton ba sai an buɗa na gaba an tsuke na baya. Haka nan idan an ɗaga wayar sama da kai, gashin da ke sauka yana nisantar kyamara, don haka santimita 25 ɗin ba za ta ci fiksil 1700 ba, kuma rassan za su riƙa tsukewa zuwa ƙasa. Game da kaifi, ka'idar mai sauƙi ce: a duba rigar ko fatar da gashin ya kwanta a kai, a ba shi irin kaifinta. Idan kafaɗar baya ta yi dishi-dishi, gashin da ke kanta sai ya sha `Gaussian Blur` daidai da ita, sannan a zuba masa `Add Noise` kaɗan, domin abin da aka zana da burushi ba shi da ƙwayar da kyamara ke bari.

Duk wannan bayani kan miƙaƙƙen gashi ne, kuma a nan mai gyara a ƙasar Hausa yake da tasa matsalar. Yawancin gashin aro da ake samu a intanet miƙaƙƙe ne, gashin yawancin mutanenmu kuwa murɗaɗɗe ne. Irin wannan gashi idan ya yi tsawo ba a kitse ba, gefe da sama yake fara cikowa kafin nauyi ya janyo shi ƙasa, sheƙinsa kuma ɗige-ɗige ne warwatse maimakon ɗamara. Ƙara masa tsawo yana nufin faɗaɗa da'irarsa, da gina gefe mai laushi wanda bango ke ɗan ratsawa. Kitso irin kalaba ya fi sauƙi, domin tufkar tana maimaita kanta, ana iya kwafar gaɓa a jona. Sai dai jelar kitso tana sirancewa zuwa ƙasa, kowace jela da inda take karkata, don haka kowace gaɓar da aka kwafa sai an ɗan rage ta an murɗa ta.

Kafin a miƙa aiki akwai gwaji biyu masu arha. A rage hoton ya koma girman da za a gan shi a waya, inda silla ke ɓacewa siffar kaɗai ta rage, a ga ko gashin yana da nauyi kuma ya kwanta a jiki. Sannan a ɗora `Curves` na wucin gadi a tsananta bambancin haske da duhu sosai: idan baƙin sabon gashi ya fi na tsohon ja ko shuɗi, ko mahaɗin ya bar tabo, a nan zai fito fili, a gyara shi kafin na'urar buga bango ta fito da shi a kwafi dubu.